Ciniki ya ragu da kashi 10: farashi ne ya faɗi, ko kaya ne suka ƙi fita?

Tambaya: Malam, muna shirin sayen injin da zai ci miliyan 40, ya yi aiki shekara 5. Muna sa ran sayar da kaya guda 20,000 a shekara a kan 2,500 kowane, kuɗin haɗa kowane guda 1,500, albashi da haya miliyan 6 a shekara. Masu zuba jari suna neman kashi 15 cikin ɗari a shekara, kuma sun ce mu nuna musu yadda darajar aikin za ta kasance idan ciniki ya ragu da kashi 10. Ni na samu asarar miliyan 9.8, abokin aikina ya samu rarar miliyan 0.2. Wa ya yi kuskure a cikinmu?

Ɗan'uwa, na bi lissafinku duka biyu da alƙalami, kuma babu wanda ya kuskure ninkawa ko ɗebewa. Abin da ya raba ku shi ne kalmar "ciniki" kanta. Kai ka rage farashi, shi ya rage yawan kaya. Dukkanku kun sauko da kuɗin shiga daga miliyan 50 zuwa miliyan 45, amma ta ƙofa daban-daban, kuma ƙofar da aka bi ita ce ta haifar da tazarar miliyan 10 da ke tsakaninku.

Mu fara kafa ma'auni, don duk gwajin da za a yi daga nan ake auna shi. Kowane guda yana bar muku 1,000 bayan an cire kuɗin haɗa shi. Guda 20,000 sun ba da miliyan 20, a cire miliyan 6 na albashi da haya, saura miliyan 14 a hannu kowace shekara. Amma miliyan 14 da za ta zo a shekara ta biyar ba ta kai ta bana daraja ba, tunda mai jari da zai iya juya kuɗinsa a wani wuri ya samu kashi 15 ya yi ta jira. Idan aka dawo da kuɗin kowace shekara zuwa darajarsa ta yau, shekaru biyar ɗin ba sa ninka kuɗin sau 5, sau 3.352 suke ninka shi. Ka riƙe wannan lambar, za ta sauƙaƙa maka komai a gaba. Miliyan 14 sau 3.352 ta ba da miliyan 46.9, a cire jarin miliyan 40, saura miliyan 6.9. Wannan rarar ita ce darajar aikin a yau, abin da za ka ga an rubuta NPV a takardun banki da manhajar lissafi.

Yanzu hanyar abokinka. Ya ce masu saye sun ragu, guda 18,000 aka sayar maimakon 20,000. Kayan da ba a sayar ba, ba a haɗa su ba, don haka ba a kashe 1,500 a kansu ba. Kuɗin shiga ya ragu da miliyan 5, amma kuɗin kashewa ma ya ragu da miliyan 3. Abin da aka rasa na gaskiya miliyan 2 ne a shekara. Saura miliyan 12, sau 3.352 ya zama miliyan 40.2, rara miliyan 0.2. Aikin ya tsira, da ƙyar.

Taka hanyar kuwa, ko ka sani ko ba ka sani ba, cewa ka yi an sayar da duka guda 20,000 amma a kan 2,250. Ina kyautata zaton layin kuɗin shiga kawai ka taɓa, ka bar layin kuɗin kashewa yadda yake. Idan aka yi haka, babu abin da ya rage zafin faɗuwar. Miliyan 5 ɗin gaba ɗaya daga riba ta fita. Saura miliyan 9 a shekara, darajarsa ta yau miliyan 30.2, asara miliyan 9.8. Ragin kashi 10 a farashi ya cinye kashi 25 na abin da kowane guda yake bari, daga 1,000 zuwa 750, kuma albashi da haya ba su san an yi ragi ba.

Saboda haka kada ku kai wa masu jari amsa ɗaya. Ku kai musu biyu, kowace da sunanta: raguwar yawan kaya, da faɗuwar farashi. Wannan shi ne ainihin aikin gwajin: a kama abu ɗaya a girgiza shi, a bar sauran a tsaye, a ga yadda darajar ta motsa. Idan abin da aka girgiza abu biyu ne da aka ɗaure da suna ɗaya, sakamakon ba ya gaya wa kowa komai.

Tunda an fara, a ƙarasa da ɓangaren kashewa, domin nan ma kalmar "kuɗin kashewa" tana ɓoye abu biyu. Idan kuɗin haɗa kowane guda ya hau da kashi 10, ya koma 1,650, za ku rasa miliyan 3 a shekara, darajar ta koma asarar miliyan 3.1. Idan albashi da haya ne suka hau da kashi 10, abin da aka rasa 600,000 ne kawai a shekara, darajar ta tsaya a miliyan 4.9. Idan injin ne ya ƙara tsada da kashi 10, miliyan 4 za ta fita sau ɗaya, saura miliyan 2.9. Ka ga jerin ya fito da kansa: farashi a gaba, sai kuɗin haɗa kaya, sai yawan kaya, sai jari, sai albashi da haya a can baya. Na sha zama a taron da aka ɓata rabin yini ana jayayya a kan ko za a ɗauki ma'aikaci ɗaya ko biyu, alhali babu wanda ya tambayi daga ina aka samo farashin sayarwa. Irin wannan jerin shi yake hana haka.

Amma ni a ganina kashi 10 ba shi ne abin da ya fi amfani ba. Tambayar da ta fi ita ce: kowane abu zai motsa har ina kafin rarar ta ƙare ƙaf? Wannan iyakar ita nake so ka fitar, kuma ba ta da wuya. Raba jarin miliyan 40 da 3.352, za ka samu miliyan 11.93. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da dole ya rage a hannu kowace shekara kafin a ce mai jari ya samu kuɗinsa da kashi 15 ɗinsa. Kuna sa ran miliyan 14, wato sararin da kuke da shi miliyan 2.07 ne a shekara. Duk abin da ya ci wannan miliyan 2.07 ya kashe aikin.

Sai ka ɗauki sararin ka auna shi da kowane abu. A kan guda 20,000, miliyan 2.07 ta zama 103 a kowane guda. Ke nan farashi ba zai iya sauka ƙasa da 2,397 ba, ragin kashi 4.1 kacal. Kuɗin haɗa kaya ba zai iya wuce 1,603 ba, hawan kashi 6.9. Lura cewa 103 ɗin ɗaya ce a wurare biyun, kason ne ya bambanta saboda ɗaya a kan 2,500 aka auna shi, ɗayan a kan 1,500. Yawan kaya zai iya sauka zuwa guda 17,933, kashi 10.3. Albashi da haya sai sun hau da fiye da kashi 34 kafin su yi ɓarna, injin kuma sai ya kai miliyan 46.9. Ita ma ribar da masu jari suke nema za ta iya hawa daga kashi 15 zuwa wajen kashi 22 kafin rarar ta ɓace, kuma wannan kashi 22 ɗin shi ne abin da ake rubutawa IRR.

Dalilin da ya sa na fi son wannan salon shi ne mutumin da ya san kasuwa zai iya ba ka amsa a kansa. Ka ce wa mai kula da sayarwa darajar aikin za ta koma asarar miliyan 9.8, kai kawai zai gyaɗa. Amma ka tambaye shi, "Za ka iya riƙe farashi sama da 2,400 har shekara biyar, ko da wani ya shigo da irin kayanmu?" nan take za ka ga fuskarsa ta faɗa maka gaskiya.

Akwai tarko ɗaya a kan lambar 17,933 da nake so ka kiyaye, domin akantanku zai iya kawo wata lamba daban, kuma zai yi rantsuwa a kanta. A littafinsa ana raba kuɗin injin a kan shekarun aikinsa, miliyan 8 a shekara. Ya haɗa da miliyan 6, ya zama miliyan 14, ya raba da 1,000, ya ce da zarar an sayar da guda 14,000 an fita daga asara. A littafi gaskiya ya faɗa. Sai dai wannan lissafin yana mayar wa mai jari miliyan 40 ɗinsa ne kawai a cikin shekara biyar, ba tare da ladan jira ko kaɗan ba. Gwada guda 15,000: littafi zai nuna ribar miliyan 1 kowace shekara, kowa yana murna, amma abin da ya rage a hannu miliyan 9 ne, darajar aikin kuma asarar miliyan 9.8. Tsakanin 14,000 da 17,933 fili ne da kamfani yake rubuta riba yana cinye dukiyar masu shi. Idan za ku sa wa kanku layin da ba a so a ƙetare, na sama ne layin.

Yanzu ga raunin girgiza komai da kashi 10. Yana nuna wanda ya fi nauyi, amma ba ya nuna wanda ya fi saurin motsi. Farashi ya fito a gaba a jerinku, to amma idan kuna da yarjejeniya a rubuce da babban mai saye har shekara uku, zai yiwu farashin ba zai gusa da fiye da kashi 3 ba. Kayan da kuke haɗawa da su kuwa, idan daga waje ake shigo da su, kashi 10 na iya zama motsin wata ɗaya. Don haka mataki na gaba shi ne a ba kowane abu nasa faɗin, daga mafi muni zuwa mafi kyau da hankali zai ɗauka, kuma a samo faɗin daga takarda: rasitan sayayya na shekara biyu ko uku da suka wuce, farashin da masu kawo kaya suka bayar a rubuce, farashin abokan gasa, da odar da aka riga aka sa wa hannu.

Bari in ɗauka, don misali kawai, cewa kun bincika kun ga farashi yana iya yawo tsakanin 2,425 da 2,575, kuɗin haɗa kaya tsakanin 1,320 da 1,680, yawan kaya kuma tsakanin 16,000 da 22,000. Da farashi, darajar za ta yi yawo daga miliyan 1.9 zuwa miliyan 12, ba ta taɓa asara ba. Da kuɗin haɗa kaya, daga asarar miliyan 5.1 zuwa rarar miliyan 19. Da yawan kaya, daga asarar miliyan 6.5 zuwa rarar miliyan 13.6. Jerin ya juye. Farashin da ya fi ba ka tsoro ya koma baya, kayan haɗi da yawan masu saye suka zama abin da za a sa wa ido. Idan ka zana waɗannan a matsayin sanduna a kwance, mafi tsawo a sama, mai jari zai gane hoton kafin ka buɗe baki. Ka lura kuma ban sa faɗin yawan kaya ya zama daidai a ɓangarori biyu ba. Ƙasa guda 4,000, sama guda 2,000. Sabon aiki ya fi sauƙin gaza hasashe fiye da wuce shi, kuma sama tana da rufi, wato iyakar abin da injin zai iya fitarwa. Ka duba takardar injin ka ga nawa ne wannan iyakar kafin ka rubuta kowace lamba ta fatan alheri.

Rauni na biyu ya fi wannan girma, kuma shi ne iyakar gwajin gaba ɗaya: a kasuwa abubuwa ba sa bin layi su motsa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da abokin gasa ya shigo, farashi da yawan kaya tare suke sauka. Duba yadda ƙananan motsi biyu suke haɗuwa. Farashi ya sauka da kashi 3 shi kaɗai, rara miliyan 1.9. Yawan kaya ya sauka da kashi 5 shi kaɗai, rara miliyan 3.6. Kowane a keɓe lafiya lau. A haɗa su: guda 19,000, kowane yana barin 925, a cire miliyan 6, saura miliyan 11.6, ƙasa da miliyan 11.93 da ake buƙata. Darajar ta zama asarar miliyan 1.2. Takardar da ta nuna abu ɗaya-ɗaya kawai za ta ba mai karatu kwanciyar hankalin da bai dace ba. Shi ya sa nake so ku ƙara labari biyu ko uku cikakku, kamar "abokin gasa ya shigo a shekara ta biyu" ko "kayan haɗi sun hau kuma kasuwa ta ƙi karɓar ƙari", ku motsa duk abin da labarin ya taɓa a lokaci ɗaya.

Wani lokaci kuma motsin kishiyar juna suke yi, kuma nan ne wani zai ce, "Ai idan mun rage farashi za mu ƙara sayarwa." Ku ba shi lamba ya riƙe. A farashin 2,250 kowane guda yana barin 750. Don a koma miliyan 20 ta da, sai an sayar da guda 26,667, ƙarin kashi ɗaya cikin uku. Don a tsira daga asara kawai, sai an sayar da wajen guda 23,900. Shin kasuwar za ta ɗauka? Shin injin zai fitar? Idan ya kai ga ƙara ma'aikatan dare, miliyan 6 ɗin ma ba za ta tsaya a miliyan 6 ba, domin abin da muke kira tsayayyen kuɗi a cikin wani faɗi kawai yake tsaye, da an wuce shi sai ya yi tsalle.

Abu ɗaya da ba ku sa a gwajinku ba kuma na ga yana kayar da ayyuka fiye da yadda ake zato shi ne jinkiri. A ce kun biya kuɗin injin amma bai fara aiki ba sai bayan shekara ɗaya. Ko da zai yi cikakkun shekarunsa biyar daga baya, miliyan 46.9 ta koma miliyan 40.8, rara miliyan 0.8. Idan kuma a shekarar jiran kuna biyan albashi da haya, an koma asarar miliyan 4.4, ba tare da farashi ko yawan kaya sun gusa ko taku ɗaya ba.

Batun yadda za ku gina shi a Excel don kada ku sake rabuwa. Dokar ita ce kowane zato ya samu gidansa, kuma kada a taɓa buga kuɗin shiga da hannu. Ku sa jari a B1, yawan kaya a B2, farashi a B3, kuɗin haɗa guda a B4, albashi da haya a B5, kashi 15 ɗin a B6, a buga shi 15% ko 0.15. Sannan B7 da B8 su ɗauki waɗannan:

```
=B2*(B3-B4)-B5
=PV(B6,5,-B7)-B1
```

B8 ya kamata ya nuna wajen 6,930,000. Don fitar da iyakar kowane abu, ku shiga Data, What-If Analysis, Goal Seek, ku ce B8 ya zama 0 ta hanyar canza B3, zai ba ku 2,397. Ku mayar da B3 zuwa 2,500 kafin ku gwada na gaba. Mantawa da wannan shi ne kuskuren da na fi kamawa, kuma alamarsa ita ce abu na biyu ya nuna ba shi da sarari ko kaɗan. A wuri ɗaya akwai Data Table, wanda zai jera muku farashi a kwance, yawan kaya a tsaye, ya cika darajar kowace mahaɗa, sai dai yana buƙatar gidajen zato su kasance a shafi ɗaya da teburin. Idan daga baya kuɗin shekarun ya bambanta har kuka koma amfani da NPV na Excel, kada ku sa jarin farko a cikin bakansa. Shi yana ɗaukar lambar farko a matsayin kuɗin ƙarshen shekara ta ɗaya, sai ya rage mata daraja. A waje ake cire jari, kuɗin shekaru biyar ɗin kuma a jera su daga C10 zuwa G10:

```
=NPV(B6,C10:G10)-B1
```

Hanya mafi sauri ta gane ko shafinku yana da lafiya ita ce ka rage B2 ka kalli layin jimillar kuɗin haɗa kaya na shekara. Idan bai sauka tare da shi ba, an buga wata lamba da hannu a wani wuri, kuma duk gwajin yawan kaya da za ka yi gwajin farashi ne a ɓoye.

Lissafin da ka turo babu haraji a ciki, babu kuɗin da zai kwanta a kaya da bashin masu saye, babu kuma abin da za a samu idan an sayar da injin a ƙarshe. Na bi shi a haka don lambobinmu su yi daidai da naku, amma ku saka su kafin ku kai takardar. Haraji zai taɓa rarar, zai kuma rage faɗin kowane motsi tunda wani kaso na riba da na raguwarta yana tafiya can. Kuɗin da ya kwanta a kaya zai rage rarar, sayar da injin zai ƙara ta. Iyakokin za su gusa, don haka sai an sake fitar da su.

Da ni ne a kujerarku, da wannan sararin na 103 a kowane guda, ba zan sa hannu a kan injin ba sai na riƙe takarda biyu: yarjejeniyar farashi da mai kawo kayan haɗi ko da ta shekara ɗaya ce, da oda a rubuce da ta rufe babban kaso na guda 17,933 ɗin. Idan masu saye sun ƙi ɗaure kansu, sai ku tambayi mai injin ko akwai ƙarami ko na haya, ku sa nasa lambobin a B1 da B4 da B5, ku ga inda sabuwar iyakar yawan kaya ta faɗa.